Mai Ƙafa Uku ta Gidanmu

A shekarar da aka ba mu jiharmu ta Katsina aka sallami maigidana daga aiki. Direban tarakta ne a wani aikin gona na gwamnati da ke Funtua, ya daɗe a can har ana ce masa baban direbobi. Da kuɗin aikin suka ja baya sai aka rage mutane, sunansa ya fito a ciki. Ya dawo gida Ƙarfi da katifarsa ɗaure a kan mota, da kuɗin sallama naira dubu ɗaya da ɗari takwas a aljihun ciki. Yaranmu biyar a lokacin, ga mahaifiyarsa, Inna, da ke zaune tare da mu, ga kuma gona guda wadda hatsinta ba ya kai mu damina. Ni ina yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, amma wannan kuɗin cefane ne kawai, ba ya riƙe gida.

Ya yi 'yan makonni yana fita da safe ya zauna gindin ɗorawar bakin titi, ya dawo da azahar. Na san ba zaman banza yake yi ba. A wurin nan motoci ke sauke mutanen ƙauyuka, kuma a lokacin ne aka fara ganin samari biyu-uku da babura suna ɗaukar wanda ya sauka su shiga da shi daji, a ba su sule biyar ko naira ɗaya. Kabu-kabu ake ce wa sana'ar, sabuwa ce ƙwarai a wajenmu, har tsofaffi na mamakin wai a goya mutum a karɓi kuɗinsa. Maigida yana zaune yana kallon sau nawa kowane yaro ke tashi, sau nawa yake dawowa.

Wata rana ya je Funtua karɓo wata takarda, ya dawo da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Ya ce ya ga abu biyu. Na farko babur ɗan Japan, na hannu, a wurin wani bakanike, naira dubu ɗaya da ɗari shida. Na biyu kuwa, wanda ya fi daɗewa yana ba ni labarinsa, wata 'yar mota ce mai ƙafa uku a gidan burodin wata Alhajiya Bayarabiya. Matar nan a Funtua aka haife ta, Hausarta ta fi tawa daɗi. Da mai ƙafa ukun take raba burodi shekara da shekaru, yanzu ta sayi a-kori-kura, tana neman rabuwa da ita a kan naira dubu biyu. Ya kwatanta mini ita: gaba akwai ɗan ɗaki da gilashi da rufi, kan tuƙinta irin na babur, giya a hannun hagu, baya kuma akwati mai ɗaukar buhu huɗu na masara. Da ya zo kan rufin sai da ya maimaita. Na gane abin da ke ransa. Mutumin da ya shekara goma sha yana zaune a saman tarakta ana ɗago masa hannu daga gonaki, ba ƙaramin abu ba ne a ce ya koma yana kiran fasinja tare da ƙananan samari.

Na ce masa ina da adashi da ya kusa fitowa da awaki biyu, za su kai ɗari huɗu, ko wanne ya zaɓa kuɗin za su isa. Amma mu zauna mu auna tukuna. Washegari bayan la'asar, ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, ya jawo tabarma. Ban yi boko mai nisa ba a lokacin, sai daga baya na shiga yaƙi da jahilci, don haka da ƙwayar masara muka yi lissafin a kan faifai, kowace ƙwaya naira ɗaya.

Shi ya san ƙarfe, shi ya fara. Ya ce yaran bakin titi, in aka haɗa ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, kowa na tashi da kamar naira goma sha huɗu a yini. Ya zuba ƙwaya goma sha huɗu. Ya cire uku na fetur da baƙin man da ake haɗa masa, don injinan nan sai an gauraya musu. Ya sake cire uku ya ce na gyara ne: taya ta baya ba ta wuce wata huɗu a hanyar daji, ga sarƙa, ga filogi, ga faci, ga ringi in injin ya fara hayaƙi. Ya ce duk wanda bai ware wannan kullum ba, cin babur ɗinsa yake yi yana zaton riba ce. Saura takwas.

Sai ya share gefe ya zuba na mai ƙafa uku. Buhu huɗu a naira bibbiyu, takwas ke nan a sawu guda. Sawu huɗu a yini, talatin da biyu. Mai shida, don ta fi nauyi. Gyara shida, don tayoyinta uku ne kuma ƙanana, ga wayoyin giya da na kuloci da ke yawan tsinkewa. Saura ashirin. Ya ɗago ya dube ni, tulin ashirin ga shi kusa da tulin takwas.

Ni kuma kasuwa na sani, don ita ke shan maina. Na tambaye shi kwana nawa a mako ake ɗaukar buhu. Muka lissafa kasuwannin da za ta iya kaiwa, suka zama uku. Ashirin sau uku, sittin a mako. Babur kuwa kwana shida zai fita, takwas sau shida, arba'in da takwas. Har yanzu tasa ce a gaba. Na ce to wata nawa ake kai hatsi kasuwa da yawa haka? Ya ce daga kaka zuwa kamar wata huɗu. Bayan nan rumbuna sun rufe, sai mai buhu ɗaya da ya matsu, in an samu ashirin a mako an gode. Da damina kuma shi da kansa ya faɗi abin da ban sani ba: babur layi ɗaya yake bi, ko turbar ƙafa ce zai wuce, ita kuwa layi uku take nema, ga cikinta kusa da ƙasa, hanyar da amalanke ta kwarɓe ba za ta shiga ba. Muka tara na shekara. Babur ya tashi wajen dubu biyu da ɗari huɗu, zai mayar da kuɗinsa cikin wata takwas. Mai ƙafa uku dubu ɗaya a kaka, ɗari bakwai a sauran watanni, dubu ɗaya da ɗari bakwai, shekara za ta zagayo ba ta biya kanta ba.

Ya daɗe yana juya ƙwayoyin da yatsa. Daga ƙarshe ya yi 'yar dariya ya ce to, ashe furfurarsa za ta sha iska. Ya amince babur ne. Na ji tausayinsa, amma na ji sanyi a raina.

Abin da ba mu sa a faifai ba shi ne Inna. Tana ƙofar ɗakinta tana kaɗi duk tsawon lokacin, mun ɗauka hankalinta na kan mazarinta. Maigida yana da ƙane, su biyu kaɗai ta haifa maza. Malamin makaranta ne, kuma a shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi ya sayi sabon babur kamar yadda abokansa suka yi. Bai shekara da shi ba wata motar auduga ta haɗa da shi a hanyar Funtua, ya rasu. Kafin aurena ne da kaɗan, ban san shi sosai ba. Tun daga nan Inna ba ta taɓa hawa babur ba, in baƙo ya zo da shi a waje yake barinsa. Mun san wannan duka, amma shekaru sun ja, mun zaci abin ya kwanta.

Sai da aka kwana ta yi magana. Da safe maigida ya durƙusa gaishe ta, ina daga madafa ina ji. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce: "Na ji lissafinku jiya. Ban ce kun yi kuskure ba, ni ban san kuɗi ba. Amma ɗaya na bayar a hanyar nan, kai kaɗai ka rage. In ka saya, ba zan hana ka ba, sai dai kullum ka fita zan zauna ina sauraren wanda zai yi sallama."

Ya ce, "Inna, ai kwana in ya ƙare ko a kan gado ne."

Ta ce ta sani, ta fi shi sani. Ta ci gaba da jan carbinta.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ba daɗi. Ba wanda ya yi faɗa da wani. Inna ta rage cin abinci, shi kuma ya daina zuwa gindin ɗorawa. Ni a gaskiya haushi nake ji, ina ganin naira ɗari bakwai a shekara kuɗin makarantar yara ne da tufafin sallah, kuma awakina ne za su shiga ciki. Na faɗa masa haka a ɗaki. Ya ce ya sani, amma shi ba zai iya tuƙi da hankali biyu ba, ɗaya a hanya ɗaya a gida. Ya ce in har mai ƙafa uku za ta ciyar da mu, ko da ƙyar ne, ita zai saya. Abin da ya rage shi ne a nemo mata aikin da zai cike watanni takwas ɗin nan.

Na ce zan bi shi Funtua in ga abin da idona. Muka sami Alhajiyar a bakin tanderunta, an fito da burodi ke nan, tana zaune a kan benci da ɗankwali ɗaure a ƙugu tana duba waɗanda suka ƙone. Mai ƙafa ukun na gefe ƙarƙashin rumfa, shuɗiya, fentinta ya koɗe, ta fi yadda na zata ƙanƙanta. Maigida ya fizgi ƙarfen da ake tayar da ita, ta kama da ƙara kamar injin niƙa. Ya zagaya da ita, ya leƙa ƙasanta, ya taɓa hayaƙin da hannu ya shinshina. Ni kuma na zauna kusa da matar na gaya mata gaskiyar halin da muke ciki, har da maganar Inna.

Ta saurara har na gama. Ta ce ita ma ba za ta ɓoye mana ba: motar nan 'yar kwalta ce, a daji wahala za ta ba mu, kuma kayanta ba su cika samuwa a Funtua ba, ƙananan ana samu wajen wani Inyamuri a tasha, manyan sai Kano. Sannan ta ce akwai wata damuwa da take da ita. Direban a-kori-kurarta manyan garuruwa kawai yake tsayawa, masu shayin ƙananan garuruwan bakin titi sun yi ta aiko mata da ƙorafi.

"Malam direba," in ji ta, "in za ka ɗauki burodi ɗari biyu ka raba musu a kan hanyarka ta komawa, kwabo biyar naka ne a kowane ɗaya. Kwana uku a mako. Wanda ya kwana bai sayu ba, nawa ne, ba naka ba."

A tsaye muka yi wannan lissafin. Burodi ɗari biyu a kwabo biyar, naira goma. In ya taho da kayan mutane da garewanin maina a zuwa, a ce shida, sha shida ke nan. Mai uku, don kwalta ce kuma burodi ba nauyi, gyara huɗu, saura tara. Sau uku, ashirin da bakwai a mako, rani da damina. Kusan dubu ɗaya da ɗari huɗu a shekara, a kan dubu ɗaya da ɗari bakwai ɗin can. A baki har ta ɗara babur. Maigida ya ce kada mu yarda da baki, mu cire ranakun da za ta kwanta, in ta yi kunnen doki da babur ma ya isa. Alhajiya ta rage mana naira ɗari, ta haɗa mana da tsohuwar taya guda. Ɗari ukun da suka rage mana suka tafi a canjin takardu da sabbin tayoyi biyu da wayoyi.

A cikinta muka dawo, ni a baya zaune kan buhu. Tafiyar da mota ke yi cikin sa'a ɗaya sai da muka ninka ta, manyan motoci na wuce mu iskarsu na girgiza mu. Da muka shigo Ƙarfi yara suka biyo mu da gudu har ƙofar gida. Inna ta fito da sandarta, ta zagaya ta a hankali, ta ƙwanƙwasa rufin, ta tambaya ko tana tsayuwa da kanta in an sauka. Aka ce mata ƙwarai. Ta yi addu'a ta tofa, ta koma ciki. A ranar ta cinye tuwonta.

Daminar farko lafiya muka wuce ta. Burodi ya riƙe mu. Yakan fita bayan asuba ya dawo kafin la'asar, gidan duk ƙamshin burodi, masu shayi suka san ƙarar motarsa tun daga nesa. Na samo asusun ƙasa, kullum ya dawo sai na karɓi kuɗin gyara na jefa kafin a taɓa sauran. Wani lokaci mukan ci bashin asusun, in yaro ya yi zazzaɓi ko gishiri ya ƙare, da niyyar za mu mayar.

Da kaka ta kama aiki ya yi yawa har yana ƙin wasu. A nan ne tsautsayin ya zo. Wani manomi a wani ƙauye ta wajen Kafur yana da buhu biyar, ya roƙe shi ya haɗa su a sawu ɗaya don kada ya biya dawowa. Maigida ya san huɗu ne ƙa'idarta, amma mutumin abokin mahaifinsa ne, ya ji nauyinsa. A wani gangaren rafi ƙafar baya ta faɗa rami, ƙarfen da ke juya tayar ya karye, ya kuma ci haƙoran giya. Da amalanken shanu aka jawo ta gida, shi yana biye a ƙafa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka sallame shi.

Bakanike ya kwance ya ce kaya da aiki naira ɗari biyu da tamanin, kuma sai Kano. Na fasa asusu. Da mun riƙe shi yadda muka tsara, da ya isa har da saura. Ɗari da sittin muka samu. Ga shi kowane mako tana kwance muna asarar sittin na buhuna da ashirin da bakwai na burodi, a tsakiyar lokacin da ya kamata mu tara na shekara. Maƙwabcinmu, wanda ya sayi babur ɗin nan da muka bari, kullum sai ya wuce ta ƙofarmu da fasinja. Na san maigida na jin ƙararsa kamar yadda nake ji.

Inna tana da tunkiya da ɗanta, ta daɗe tana kiwonsu, tana cewa na likkafaninta ne. Ranar kasuwa ta aiki wani jikan ƙanwarta ya ja su ba tare da ta gaya wa kowa ba. Da yamma ta kira ni ɗakinta, ba shi ba. Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini kuɗin, naira ɗari da arba'in.

Ta ce: "'Yar nan, ke kika san lissafi. Na san don ni aka sayi abin nan, na kuma san awakinki na ciki. Ki ba shi, kada ki ce daga ina."

Na ce ai zai ga turken ba kowa. Ta ce in ya gani ya gani, ba zai tambaye ta ba. Haka kuwa aka yi. Ya karɓa, ya fita ya tsaya bakin turken ya daɗe, washegari ya hau motar Kano. Haushin da nake ɓoye da shi tun ranar faifai, a ɗakin nan na bar shi.

Sai da motar ta fi wata a kwance, don kayan farko da ya kawo ba su hau ba, ya sake komawa. Alhajiya ta riƙe masa hanyar burodinsa, ba ta ba wani ba. Kakar nan dai rabinta muka samu. Daga nan bai ƙara ɗora mata fiye da huɗu ba ko wa ya roƙa, ni kuma na sayi asusu biyu, ɗaya na gyara da ba a taɓawa, ɗaya na lalurar gida.

Shekara uku da wani abu ta yi a hannunmu. Ba mu yi arziki da ita ba. Maƙwabcin nan mai babur ya riga mu yin rufin kwano, ko da yake ya yi jinyar karaya a kafaɗa wata biyu. Mu dai ba mu kwana da yunwa ba, ba a koro yaro daga makaranta ba, kuma a shekara ta biyu na mayar da awakina, Inna ma aka mayar mata da tunkiya duk da ta yi ta faɗa. Abin da ya kayar da mu tsadar kaya ce. Naira ta yi ta faɗuwa, tayar da muke saye talatin ta haura ɗari, fetur ya tashi, manomi kuwa in ka ce masa buhu ya koma naira huɗu sai ya nemi jaki. Kuɗin gyara ya kai yana cinye kusan rabin abin da aka samu.

Inna ta rasu a ƙarshen daminar shekara ta uku, a ɗakinta, ɗanta na riƙe da hannunta. Bayan an yi arba'in wasu suka ba shi shawara yanzu sai ya koma babur. Ya tambayi kuɗinsa a Funtua, ya tarar na hannu ma ya ninka sau uku, ko ya sayar da mai ƙafa uku ba zai kai ba. Ya gaya mini ko da ya kai ba zai saya ba. Ban tambaye shi dalili ba.

Wani mai sayar da lemon kwalba a Malumfashi ne ya saye ta, zai riƙa raba akwatuna a cikin gari inda ba rami ba rafi. Alhajiya kuma, da direbanta ya koma garinsu, ta aiko a kira maigida ya karɓi a-kori-kurar a kan albashi. Ya yi mata tuƙi har idonsa ya fara rauni. In ya kai burodi Malumfashi yakan dawo ya ce mini ya ga tsohuwar motarmu a bakin kasuwa, an sake mata fenti ja, har yanzu tana tafiya.